Fitilar Tsakar Gidanmu Ba Ta Buƙatar Izini Daga Ƙasar Waje

Yau zancenmu a kan fitila ne, amma ba a-ci-bal-bal ba, ba kuma fitilar ƙwai ta zamanin kakanni ba. Muna nufin ƙwayayen lantarki da makunnan zamani waɗanda ake kunnawa da kashewa ta wayar hannu, waɗanda suka fara bin sola suna shigowa garuruwa irin namu na Rogo da Ƙaraye. Matsayinmu a kansu guda ɗaya ne: duk fitilar da ba za ta kunnu ba sai saƙo ya fita daga Rogo Sabon Gari ya je wata ƙasa ya dawo, to bai kamata a ɗaura ta a gidan da mutane ke kwana ba. Abin da ake kunnawa daga ɗaki zuwa tsakar gida, a cikin gidan ya kamata maganarsa ta ƙare.

Kafin a ce mun cika tsaurin ra'ayi, bari mu bi sawun abin da ke faruwa idan mutum ya danna wayarsa. A yawancin ƙwayayen nan masu araha, irin waɗanda ake sarrafawa da manhajar Smart Life ko Tuya, akwai hanya biyu da umarni zai iya bi. Ta farko gajeriya ce: daga wayar hannu zuwa rauta ko maifai ɗin da ke gidan, daga nan zuwa fitila, shi ke nan. Ta biyu doguwa ce: daga wayar hannu zuwa ƙarfen sabis, zuwa manyan wayoyin da ke binne a ƙasa har Legas, a nutsa cikin teku, a isa manyan kwamfutocin kamfanin a wata nahiya, sannan a juyo ta wannan hanya a shigo maifai, a ce wa fitila ta kunnu. Tafiyar ba ta wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu, shi ya sa mai gida ba ya lura. Sai ranar da wata gaɓa ta tsinke a wannan doguwar sarƙa, ranar ce zai san wace hanya kayansa ke bi.

Sarƙar kuwa tana tsinkewa, mun sha gani. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma rufe a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, cikinsu har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. Mutumin Rogo bai buƙatar a nuna masa inda garuruwan nan suke, maƙwabta ne da muke cin kasuwa tare. Ba kwana ɗaya aka yi ba, ba mako ɗaya ba. Sannan ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, har bankunan Nijeriya suka yi ta ba masu hulɗa da su haƙuri. Waɗannan su ne manyan. Ƙananan kuwa kullum muna tare da su: man janaretan ƙarfen sabis ya ƙare, masu aikin titi sun datse waya, hadari ya taso, ko kuma mafi sauƙinsu duka, data ta ƙare da tsakar dare.

Akwai kuma tsinkewar da ba a gyarawa daga nan, wato idan kamfanin ne da kansa ya rufe shago. A tsakiyar watan Afrilu na 2022 wani kamfanin Amurka mai suna Insteon, wanda ya daɗe yana sayar da makunnan zamani, ya kashe kwamfutocinsa ba tare da sanarwa ba. Mutane suka wayi gari manhajar da ke wayoyinsu ta zama hoto. Abin lura a labarin shi ne wanda bai mutu ba. Makunnan bango sun ci gaba da aiki, domin an ƙera su ne su riƙa magana da juna kai tsaye a cikin gida. Waɗanda suka haɗa kayansu da wata ƙaramar kwamfuta ta cikin gida su ma sun ci gaba da sarrafa su. Waɗanda suka rataya komai a kan manhajar kamfani su ne suka yi jiran watanni biyu, sai da wasu daga cikin masu amfani da kayan suka haɗa kuɗi suka saye kamfanin a watan Yuni, suka sake kunna kwamfutocin. Idan haka ta faru da mutanen da suke ƙasa ɗaya da kamfani, suna da lambar wayarsa da kotun da za su kai shi, ina ga wanda ya sayi ƙwai marar suna a kwali daga kasuwar Sabon Gari ta Kano?

Abu na farko da ya kamata mu warware shi ne rikita waifai da intanet. Mutane da yawa suna ɗaukarsu abu ɗaya, alhali ba haka ba ne. Waifai tamkar tsakar gida ne, inda mutanen gida ke jin muryar juna. Intanet kuma titin da ya bi ta ƙofar gida ne. Ana iya toshe titi, amma uwar gida ta ci gaba da aiken yaro daga ɗaki zuwa madafa. Maifai ɗin da datarsa ta ƙare, ko rautar da aka zare wa sim, tana ci gaba da watsa waifai, tana kuma ci gaba da isar da saƙo tsakanin wayar hannu da fitila, muddin ita fitilar an ƙera ta ta karɓi umarni ta gajeriyar hanya. Nan ne kaya suka bambanta. Makunnan Sonoff da yawa suna da wannan dama a manhajarsu ta eWeLink, matuƙar an riga an haɗa su tun lokacin da akwai intanet. Na kamfanin Shelly suna da shafinsu a cikin jikinsu, ana buɗe shi da burauza ba tare da wata manhaja ba. Na Tuya kuwa sai an gwada, wani ya amsa, wani ya yi shiru, kuma umarnin da aka tsara irin na "idan kaza ya faru a kunna kaza" galibi a kwamfutar kamfani yake zaune, yana tafiya da tafiyar intanet.

Saboda haka gwajin da muke ganin ya wajaba kafin a biya kuɗi ba ya cin minti biyar. A sa mai shago ya haɗa makunnin da maifai, a kunna a kashe a ga yana aiki. Sai a zare sim daga maifai ɗin, a sake kunna shi, a kashe datar wayar hannu, a rufe manhajar gaba ɗaya a sake buɗe ta, a danna. In fitila ta amsa, kayan sun ci rabin jarrabawa. Sauran rabin shi ne a kashe maifai ɗin ɗungurungum, a taɓa makunnin da hannu. In sai da waifai hannu zai yi aiki, a mayar masa da kayansa cikin mutunci. Mai shagon da ya ƙi yarda a yi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Yanzu mu ɗauki gida guda a matsayin misali, irin wanda kowa ya sani a Rogo Sabon Gari. Wutar KEDCO tana zuwa tana ɗaukewa, don haka mai gidan ya sa faifan sola da inbata da batir ɗaya mai bolt 12, amfiya-awa 100. Fitilun da yake tunani a kansu biyar ne: ta ƙofar gida, ta tsakar gida, ta falo, ta sito, da ta ɗakin mahaifiyarsa. Mai sayar da kaya zai so ya sayar masa da ƙwayayen zamani biyar. Mu a ganinmu ko ɗaya bai kamata ya saya ba, ga kuma dalili.

Ƙwan zamani ƙwaƙwalwarsa a cikin ƙwan take. Ma'ana dole makunnin bango ya kasance a kunne dare da rana, in ba haka ba ƙwan ya mutu, wayar hannu ba ta ganinsa. To wa zai hana yaro ko baƙo kashe makunnin bango? Kuma in an kashe ƙwan ta wayar hannu, mai wayar ya fita da ita masallaci ko kasuwa, wanda ya shigo ɗakin sai ya kashe makunnin ya sake kunnawa kafin ya samu haske. Nan kuma wata matsalar take jira. Yawancin ƙwayayen nan an tsara su ne in aka kashe aka kunna sau uku a jere, su manta waifai ɗin gidan su fara ƙiftawa suna neman sabon haɗi. A ƙasar da aka ƙera su, wannan dabara ce mai kyau, domin wuta ba ta yin haka da kanta. A wajenmu kuwa wutar Nepa kan zo ta ɗauke ta dawo ta sake ɗaukewa kafin ta zauna, haka janareta idan mai ya kusa ƙarewa. Ƙwan ba ya bambance hannun mutum da wasan wuta. Sai a ga fitila tana ƙiftawa kamar ta gidan biki, kuma sake haɗa ta da manhaja yana buƙatar intanet, wanda mai yiwuwa a daren nan babu shi.

Abin da ya fi shi ne a bar ƙwai na gama-gari yadda yake, a sa ƙwaƙwalwar a bayan makunnin bango. Akwai wasu 'yan akwatuna da ba su fi kwalin ashana ba, irin Sonoff MINI ko Shelly 1, waɗanda mai gyaran wuta ke ɓoyewa a cikin ramin makunni ko a silin. Wayar wutar da ke zuwa fitila takan bi ta cikinsu, shi kuma tsohon makunnin a haɗa shi da wasu 'yan ƙafafu biyu da aka tanada dominsa. Daga ranar fitila tana da iyayengiji biyu, hannu da wayar hannu, kuma hannu ba ya jiran kowa. Ko rauta ta ƙone, wanda ya taɓa bango zai ga haske. Sai dai a sani cewa yawancin akwatunan nan suna buƙatar wayar nutural, a yadda ake jan wuta a gidajenmu kuma sau da yawa waya mai wuta kaɗai ke sauka ramin makunni, nutural tana can sama wajen fitila. Don haka ko dai a ɗora akwatin a sama, ko a jawo nutural ƙasa. Wannan aikin mai gyaran wuta ne da ya san hannunsa, a kashe babban makunni a kuma kashe inbata kafin a taɓa komai, domin inbata ma tana kisa.

A gidan misalinmu akwatuna uku sun isa: tsakar gida, falo da sito. Ɗakin Hajiya a bar mata makunninta kamar yadda ta san shi shekara da shekaru, ba ta roƙi kowa ya sauya mata ba. Fitilar ƙofar gida kuma za mu dawo kanta, domin ita ce ta fi koya mana darasi.

Sai rauta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗa makunnan da maifai ɗin da mai gida ke sawa a aljihu, ko da waifai ɗin wayarsa. Yana fita, tsakar gidan ta bi shi. Ga shi kuma ƙananan maifai da yawa ba sa ɗaukar fiye da na'urori goma, in aka lissafa wayoyin matan gida da na samari, sai a ga makunni ɗaya ya rasa gurbi, yau na falo gobe na sito, a yi ta zargin kayan alhali wuri ne ya cika. Magani shi ne rauta mai zaman gida, ko da tsohuwa ce, ko da babu sim a cikinta, a jona ta a layin inbata ba a layin Nepa ba. A tabbatar tana watsa zangon 2.4, domin kusan duk makunnan nan ba sa ganin zangon 5. A duba cikin saitinta kada a ce an kunna abin da ake rubutawa AP Isolation, wanda aikinsa shi ne hana na'urorin gida ganin juna. Sannan a ɗaure wa kowane makunni lambarsa ta dindindin a cikin rautar, domin in ba a yi haka ba, duk ɗaukewar wuta tana iya sake rabon lambobi, wanda yake 51 jiya ya koma 54 yau.

Ita ma wayar hannu tana da nata halin. Idan ta ga waifai babu intanet, takan tambaya ko a ci gaba da zama a kansa, in ba a amsa ba sai ta sulale ta koma kan data ba tare da ta faɗa ba. Mutum yana tsaye a gaban rauta, yana ganin alamar waifai, amma saƙonsa ta titi yake fita. In fitila ta ƙi amsawa, a fara da kashe datar wayar kafin a zargi kowa.

Masu son su yanke igiyar kamfani gaba ɗaya suna da hanya. Akwai manhajar kyauta mai suna Tasmota, wadda wani mutum mai suna Theo Arends ya fara, ana goge ta kamfani daga cikin makunnin a zuba ta. Tana hawa ne kan makunnan da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar ESP8266 ko ESP32 da danginsu, shi ya sa sababbin kayan Tuya da yawa ba sa karɓarta, sun koma wata ƙwaƙwalwar daban. Zuba ta aiki ne da duk mai gyaran wayar hannu da ya iya riƙe ƙarfen narka dalma zai iya koya, da sharaɗin kada a taɓa yin sa makunnin yana jone da wutar gida, kuma a san cewa garantin kamfani ya tafi. Bayan an zuba, makunnin ba ya neman kowa a waje. Ana rubuta lambarsa a burauza shafinsa ya buɗe, ko a aika masa da umarni kai tsaye kamar haka:

```
http://192.168.0.51/cm?cmnd=Power%20On
http://192.168.0.51/cm?cmnd=Power%20Off
```

Layin farko ya kunna, na biyu ya kashe. Ana iya ajiye su a fuskar wayar kowane mutumin gida, babu rajista, babu lambar sirrin da za a manta a wajen kamfani, sai dai ta waifai ɗin gidan, wadda ya kamata a tsare ta, domin duk wanda ya shiga waifai ɗin ya samu makunnin.

A shafin akwai wurin da aka rubuta Console, inda ake ba makunnin tarbiyya. Umarni uku ne suka fi shafar irin wutarmu:

```
PowerOnState 3
SetOption65 1
PulseTime1 700
```

Na farko yana amsa tambayar da kowane gida a nan yake yi sau da yawa a rana: idan wuta ta dawo, me fitila za ta yi? Lamba 3 tana nufin ta koma yadda take kafin a ɗauke, 0 ta zauna a kashe, 1 ta kunnu. A falo mun fi son 0, don kada wuta ta dawo ƙarfe uku na dare ta tashi mai barci a kan kujera. A tsakar gida 3 ta fi. Na biyu shi ne maganin wasan wuta. Ita ma Tasmota tana da waccan dabara, in aka kashe aka kunna da sauri har sau bakwai sai ta goge duk saitinta, wannan umarni kuwa yana hana ta. Duk wanda ya zuba Tasmota a ƙasar nan bai rubuta shi ba, wata rana zai sake aikin daga farko. Na uku na sito ne kaɗai: fitila ta kashe kanta bayan wani lokaci. Lissafinsa shi ne a ɗauki daƙiƙun da ake so a ƙara 100, wato minti goma daƙiƙa 600 ne, sai a rubuta 700. Amfaninsa shi ne ba ya buƙatar sanin ƙarfe nawa, ƙirga kawai yake yi daga lokacin da aka kunna.

Wannan ya kawo mu ga fitilar ƙofar gida, da kuma raunin da masu talla ba sa faɗa. Kowa yana son a ce ta kunnu da magariba ta mutu da asuba. Makunnan nan suna iya riƙe jadawali a cikinsu, har ma su bi shi babu intanet, amma fa muddin wuta ba ta yanke musu ba. Ba su da ɗan batirin agogo irin na kwamfuta. Lokaci daga intanet suke tambayo shi duk sa'ad da suka farka. To a ce wuta ta yanke na minti ɗaya a daren da babu sabis. Makunnin ya farka, ya tambayi lokaci, babu mai amsawa. Sai ya ɗauka yana farkon shekarar 1970, ya zauna yana jiran magaribar da ba za ta zo ba. Mai Tasmota zai iya gane haka da rubuta `Time` a Console, in ya ga 1970 ya san agogo ya ɓace. Ana gyara wannan ta hanyar sa wata na'ura a gidan ta zama mai ba da lokaci, ko a ƙara ɗan agogo mai batir irin DS3231, amma duka biyun aiki ne da ya fi ƙarfin buƙatar fitila ɗaya.

Ga fitilar ƙofa, fotosel ya fi kowace ƙwaƙwalwa. Ɗan abu ne mai ido, duhu ya yi ya kunna, gari ya waye ya kashe, bai san waifai ba balle intanet, kuma ba ruwansa da sauyin lokacin faɗuwar rana tsakanin damina da hunturu. A ɗaura shi inda hasken fitilar ba zai koma cikin idonsa ba, in ba haka ba zai yi ta kunnawa yana kashewa. A riƙa goge masa ƙura lokacin hazo. Mun san akwai waɗanda za su ce wannan ai ba ci gaba ba ne, tun da ba a danna shi ta wayar hannu. Su yi haƙuri, mu fitilar da ke kunnuwa a daren da aka rufe layi muke nema.

Akwai kuma maganar da ake yawan yi cewa makunnan zamani suna rage shan wuta. A gidan misalinmu bari mu lissafa. Kowane akwati yana shan kusan wat ɗaya ko fitila tana kashe, domin kunnensa a buɗe yake yana sauraron waifai. Uku sau awa 24 ya ba da wat-awa 72. Ƙaramar rauta mu ce tana shan wat 6, sau 24 ya zama 144. Jimla 216 a yini, kusan rabinsa da dare, daga batir. Batirin mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da 1,200 a rubuce, amma in na ruwa ne ba a son a sha fiye da rabi, wato 600. Ke nan kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka tanada don dare ya tafi wajen sauraro kawai, ba a ma sa abin da inbatar kanta ke ci don ta kwana a kunne ba. A ɗaya gefen, in da an manta ƙwai biyu masu wat 9 a kunne na awa biyar, asarar 90 ce. Lissafin bai goyi bayan masu talla ba. Wanda ya riga yana da rauta a kunne don wasu buƙatu, nasa nauyin 72 ne kawai, ya fi sauƙi. Amma a ƙaramin sola, wanda ya sa makunnan nan ya sa su ne don jin daɗi, kamar kashe fitilar tsakar gida daga kan gado ranar da ake ruwa, kuma wannan dalili ne mai kyau, kada dai a kira shi tattali.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawo mana ita ce ta matafiyi. Ɗan kasuwar da ke Kantin Kwari ko Legas, iyali sun tafi biki, yana son ya kunna fitilun gidansa na Rogo don a ɗauka da mutane. Gaskiya ne, wannan ba ya yiwuwa sai da intanet, kuma manhajar kamfani ce hanya mafi sauƙi. Ba mu ce a jefar da ita ba. Sonoff da Shelly suna barin mutum ya riƙe hanyoyin biyu a lokaci guda, in akwai sabis ya danna daga nesa, in babu mutanen gida su ci gaba da harkarsu. Abin da muka ƙi shi ne a mayar da hawa na uku ya zama harsashi. Bango ne farko, waifai ɗin gida na biyu, intanet na ƙarshe, kuma faɗuwar na sama kada ta taɓa na ƙasa. Wata hujjar ita ce wahala, cewa wannan tsari yana son mai gyaran wuta da ɗan karatu, alhali ƙwan zamani murɗa shi kawai ake yi. Ita ma gaskiya ce, sai dai wahalar yini ɗaya ce da rana tsaka, waccan kuwa takan zo ne da dare.

Masu babban gida ko makaranta ko ɗakin shan magani, inda fitilu suka kai ashirin, su waifai ba zai ɗauke su ba. A nan ake komawa Zigbee, wata hanyar rediyo da makunnai ke miƙa wa juna saƙo, da ƙaramar kwamfuta mai manhajar Home Assistant a matsayin uwar gida. Akwai kuma ƙa'idar Matter da manyan kamfanoni suka fitar a watan Oktoba na 2022, wadda aka gina a kan sarrafawa ta cikin gida. Duk suna aiki babu intanet, amma ita ƙaramar kwamfutar ba ta son a yanke mata wuta ba sallama, katin ajiyarta na iya lalacewa, don haka sai an ba ta batirinta.

Ranar da fitila ta ƙi amsa wayar hannu, ga yadda za a gano inda ciwon yake ba tare da kiran kowa ba. A fara taɓa bango. In babu haske, maganar wuta ce ko ƙwai ko akwatin, ba ruwan sabis. In bango ya yi aiki, a duba ko sunan waifai ɗin gidan yana fitowa a wayar hannu. In ba ya fitowa, a je wajen rauta, galibi za a tarar an zare ta an sa cajin waya a gurbinta. In yana fitowa, a kashe data a sake dannawa, a kuma ba shi minti biyu idan wuta yanzu ta dawo, domin makunni yana farkawa cikin daƙiƙu, rauta kuwa tana jan jiki. In har yanzu shiru, a buɗe shafin rautar a ga ko makunnin yana cikin jerin na'urorin da suka shiga, da wace lamba. Lambobin nan uku, da sunan waifai, a rubuta su a takarda a manna a cikin murfin akwatin babban makunni, inda ƙanin mai gida zai same su ranar da mai gidan yake Kano.